Yadda ake rubuta saƙon godiya bayan intabiyu don ya ƙara wa wasiƙar neman aikinka nauyi

Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: na fito daga intabiyu, an ce in aika saƙon godiya, to bayan "na gode" me kuma zan rubuta? Mafi yawan mutane abu biyu suke yi. Wasu su aika layi biyu na godiya wanda kowa ma zai iya aikawa, wasu kuma su kwafo wasiƙar neman aikin da suka rubuta tun farko su sake turawa da sabuwar gaisuwa. Duka biyun ba sa ƙara komai. Saƙon da ke aiki shi ne wanda ya ɗauko magana ɗaya ko biyu daga wasiƙar farko ya ɗaure su da abin da masu intabiyun suka faɗa da bakinsu. Lokacin da ka rubuta wasiƙar farko hasashe kake yi game da abin da suke buƙata. Yanzu ka zauna da su, ka ji inda yake yi musu ƙaiƙayi, don haka nan za ka sosa.

Abin da za ka tanada ba shi da yawa: kwafin wasiƙar da ka aika, sanarwar aikin, takarda da biro, da adireshin imel na waɗanda suka gana da kai. Idan ta imel ne babu kuɗin da za ka kashe, sai kamar minti 40 na lokacinka. Misalan da ke ƙasa da Hausa suke, amma saƙon kansa ka rubuta shi da harshen da aka yi intabiyun da shi. Tsarin ɗaya ne.

1. Rubuta abin da aka faɗa tun bai tsere maka ba

Aikin yana farawa ne tun kana cikin ɗakin. Idan aka gabatar maka da mutane, ka kama sunan kowa da muƙaminsa. In an yarda ka riƙe takarda, rubuta sunayen bisa yadda suke zaune, daga dama zuwa hagu, don kada daga baya ka ɗora tambayar wani a bakin wani. Kafin ka tashi ka yi tambaya ɗaya: yaushe ake sa ran yanke hukunci, kuma ta wace hanya za a sanar? Amsar za ta yi maka amfani a mataki na ƙarshe.

Da ka fito, cikin awa guda, ka sami wuri ka zauna ka rubuta abu huɗu. Na farko, matsalar da suka ce tana damunsu, da kalmomin da suka yi amfani da su. Na biyu, tambayar da aka tsaya a kanta aka yi ta bi da wasu tambayoyin. Na uku, inda ka ji amsarka ba ta fita yadda kake so ba. Na huɗu, duk wani abu da ka yi alkawarin aikowa.

Hattara: kada ka bari sai washegari. Zuwa safiya abin da zai rage a kanka shi ne yadda ka ji, wato "ina ganin na yi ƙoƙari" ko "na kwafsa". Ainihin kalmomin sun gudu, kuma su ne jarin saƙon.

2. Fito da ginshiƙan wasiƙarka ta farko

Buɗe wasiƙar da ka aika musu, ainihin wadda ta tafi, ba wadda ka gyara daga baya don wani wurin ba. Masu neman aiki a wurare da yawa sukan rikice a nan, su yi ta ƙarfafa maganar da ba su taɓa faɗa wa wannan ma'aikatar ba. Duba cikin saƙonnin da ka tura ka tabbatar.

Karanta ta da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin kowace magana da ke ɗauke da hujja. "Ni mai ƙwazo ne kuma ina son aiki da jama'a" ba hujja ba ce, ka tsallake ta. Wadda ake nema ita ce mai adadi, ko mai sunan wani aiki takamaimai, ko mai sakamako. Wasiƙa mai shafi ɗaya da wuya ta wuce irin waɗannan guda uku.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ce ta nemi aikin jami'ar kula da sito a kamfanin rarraba kayayyaki. A wasiƙarta ta faɗi abu uku: ta yi shekara 4 tana riƙe da lissafin shiga da fitar kaya, ta rage bambancin da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke cikin sito a zahiri daga kashi 4 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin shekara guda, kuma ta koyar da sababbin ma'aikata biyu har suka tsaya da ƙafafunsu. Waɗannan ukun su ne ginshiƙanta.

3. Auna kowane ginshiƙi da abin da ya faru a ɗakin

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ajiye ginshiƙan a gefe ɗaya, bayanan da ka rubuta bayan fitowarka a ɗaya gefen, sannan ka tambayi kanka game da kowane ginshiƙi: me ya same shi a cikin ɗakin? Ɗaya daga cikin abu uku ne yake faruwa.

Akwai ginshiƙin da ya samu shiga. Alamarsa ita ce an bi shi da ƙarin tambayoyi, ko wani ya sunkuya ya rubuta, ko ya ce "mu ma abin da ke damunmu ke nan". Akwai wanda ba a taɓo shi ba sam, lokaci ya ƙare ko hira ta karkata wani wajen. Akwai kuma wanda aka yi shakkarsa: an sake tambayarka abu ɗaya ta wata fuska, ko an ce "amma fa namu tsarin daban ne".

A misalinmu mutum uku ne suka yi intabiyun: manajan sito, da akanta, da jami'ar ɗaukar ma'aikata. Manajan ya yi ƙorafi cewa duk ƙarshen shekara sai sun rufe sito kwana uku don ƙidaya, kuma duk da haka lissafi ba ya daidaita. Wannan ya faɗa daidai kan ginshiƙi na biyu. Maganar koyar da ma'aikata ba ta taso ba, amma dab da tashi jami'ar ta ambaci cewa nan da wata uku za su buɗe sito na biyu. Akantan kuwa ya tambayi wata manhajar lissafin kaya da mai neman aikin ba ta taɓa aiki da ita ba, ta ɗan yi inda-inda. Ginshiƙi na farko, wato shekara huɗun nan, an karanta an wuce, babu wanda ya yi gardama.

To wanne za a saka a saƙo? Wanda ya samu shiga shi ne kan gaba, domin an riga an nuna maka cewa a kansa za a yi muhawara idan an zauna zaɓe. Bayansa sai wanda ba a taɓo ba, amma da sharaɗi: sai in wani abu da aka faɗa ya buɗe masa ƙofa. Da jami'ar ba ta ambaci sabon sito ba, da maganar koyarwa ta zauna a gida. Shekara huɗun kuwa ba ta buƙatar maimaici. Tana cikin takardu, kuma ba ta amsa wata damuwa da aka furta.

Hattara: kada ka wuce ginshiƙi biyu a saƙo ɗaya. Da zarar ka jera duka ukun bisa tsarin da suke a wasiƙar farko, mai karantawa zai gane kwafi ne, idonsa ya zame ya wuce.

4. Zaɓi hanya da lokaci

Imel ne hanyar da ta fi dacewa, kuma a tura cikin awa 24. Dalilin ba al'ada ba ce kawai. Masu intabiyu sukan rubuta ra'ayinsu ko su zauna su tattauna a ranar ko kwana ɗaya zuwa biyu bayanta, saƙon da ya iso bayan an gama wannan zaman ya zama ihu bayan hari. Idan da safe aka yi, ka tura da yammacin ranar. Idan da yamma ne, ka rubuta da dare ka tura da safe a farkon lokacin aiki. Manhajojin imel da dama suna ba da damar tsara lokacin tafiyar saƙo. A Gmail ana kiransa Schedule send. Idan ganawar ta faɗo a ranar ƙarshe ta makon aiki, gara ka tura a ranar maimakon ka jira sabon mako.

Kada kuma ka tura minti biyar bayan fitowarka. Saƙon da ya riga ka isa bakin ƙofa yana nuna tun jiya aka rubuta shi.

Idan ba ka da adireshin waɗanda suka gana da kai, koma kan saƙon da aka gayyace ka da shi ka danna Reply, ka rubuta wa wanda ya gayyace ka, ka roƙe shi ya isar ga sauran, ka kuma ambaci sunayensu. Idan wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya haɗa ku, ta hannunsa za ka bi, ko ka fara tambayarsa ko za ka iya rubutawa kai tsaye. Tsallake shi yakan ɓata dangantaka. Kada ka tono lambar wayar mutum ta kansa ko shafinsa na sada zumunta ka aika masa saƙo can, sai dai in ta nan aka yi ta magana da kai tun farko.

Katin godiya da aka rubuta da hannu yana da kyau a ido, amma yana cin kuɗin kati da na aikawa, kuma yakan kwashe kwanaki a hanya. In kana so ka aika, ya zama ƙari ne bayan imel.

Wani abin lura: wasu ma'aikatu, musamman na gwamnati da manyan hukumomi, suna ba da maki ne bisa takardar da aka tsara, kuma sanarwarsu takan hana tuntuɓar 'yan kwamiti. In ka ga haka a rubuce, ka bi. Gajeriyar godiya ga ofishin da ya gayyace ka ta wadatar.

5. Gina saƙon jimla bayan jimla

Tsawonsa kada ya wuce kalma 120 zuwa 180, yadda zai shiga fuskar waya ba tare da an yi ta ja ba. Gaɓoɓinsa biyar ne.

Kan saƙon, wato abin da ake rubutawa a Subject, ya ɗauki kalmar godiya da sunan muƙamin da sunanka. Mutumin da ya ga mutum takwas a rana ɗaya yana bukatar ya san wane ne tun kafin ya buɗe. Idan amsa kake yi a kan saƙon gayyata, bar kan saƙon yadda yake.

Gaisuwa ta bi yadda mutumin ya gabatar da kansa. Wanda ya ce shi Dokta ne ko Injiniya, ka kira shi haka. Wanda bai ambaci laƙabi ba, kada ka ƙirƙira masa. Duba rubutun sunan harafi bayan harafi daga katinsa ko sa hannunsa na imel.

Jimlar farko godiya ce da ranar da muƙamin, shi ke nan. Ba a buƙatar sakin layi guda na yabon ma'aikatar.

Tsakiya ita ce inda ginshiƙin ke shigowa, kuma tsarinta yana da muhimmanci. Fara da maganarsu, ka bi da taka, ka rufe da abin da za ka yi musu. Wato: kun ce kaza, wannan shi ne abin da na ambata a wasiƙata cewa na yi kaza, a wurinku ga yadda zan fara. Idan ka juya tsarin ka fara da "kamar yadda na faɗa a wasiƙata", ka mai da saƙon labarin kanka. Idan ka fara da damuwarsu, hujjarka ta zama amsa.

Sannan ginshiƙin ya zo da wani abu sabo. A wasiƙar farko sakamako ka faɗa, a nan sai ka faɗi yadda aka yi aka same shi. Da haka magana ɗaya take ƙara nauyi ba tare da ta zama maimaici ba.

Rufewa ta ƙunshi cewa har yanzu kana son aikin, da ambaton lokacin da suka ce za su sanar, da sunanka da lambar wayarka.

Ga irin daftarin farko da yawancin mutane ke rubutawa:

"Ina matuƙar godiya da damar da kuka ba ni. Na ji daɗin ganawar ƙwarai. Kamar yadda na faɗa a wasiƙata, ina da gogewar shekara huɗu, na rage bambancin lissafi, kuma na koyar da ma'aikata. Ina da yaƙinin ni ce wadda ta fi cancanta. Ina jiran amsarku."

Babu ƙarya a ciki, amma da an aika shi tun kafin intabiyun ma babu abin da zai canza. Wannan shi ne gwajin: in saƙonka zai iya tafiya kafin ganawar, bai yi aikinsa ba. Ga kuma "ni ce na fi cancanta", alhali ba ta ga sauran ba. Wannan hukuncinsu ne.

Ga wanda aka gyara, zuwa ga manajan sito:

"Malam [suna],

Na gode da lokacin da kuka ba ni yau kan aikin jami'ar kula da sito.

Maganar da kuka yi cewa kuna rufe sito kwana uku duk ƙarshen shekara don ƙidaya, kuma lissafi ya ƙi daidaita, ta tsaya mini a rai. Raguwar bambanci daga kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 1 da na ambata a wasiƙata ta samu ne bayan mun koma ƙidaya kashi-kashi: muna da nau'in kaya kusan 600, muna ƙirga 50 kowane mako, cikin mako 12 mun zagaye siton ba tare da an rufe ƙofa ba. Idan na samu aikin, zan fara da kayan da suka fi saurin fita, domin a nan kuskure ya fi taruwa.

Na kuma ji batun sito na biyu. Ma'aikata biyun da na koyar, da wannan tsarin na fara da su.

Ina nan da sha'awar aikin, kuma ina sauraron sanarwarku a mako mai zuwa kamar yadda kuka ce.

Na gode,
[suna da lambar waya]"

Dubi abin da ya faru. Ginshiƙi na biyu ya samu jimla uku, na uku ya samu biyu gajeru, na farko bai fito ba ko kaɗan. Adadin kashi 4 da kashi 1 yana nan yadda yake a wasiƙar farko. Abin da ya ƙaru shi ne 600 da 50 da 12, waɗanda suka nuna cewa da hannunta ta yi aikin, ba labari ta ji ba. Manajan da ya karanta wannan yana da abin da zai faɗa idan an zauna zaɓe.

Hattara da adadi: duk lambar da ka sa ta dace da wadda ke wasiƙar farko da takardar tarihin aikinka da abin da ka faɗa da baki. Shekara huɗu kada ta zama "kusan biyar", ma'aikata biyu kada su zama "tawaga". Ana ajiye takardun nan a fayil ɗaya, kuma saɓani ƙarami yana sa a fara shakkar sauran.

Hattara ta biyu: wajen bayyana yadda ka yi aiki, kada ka fallasa sirrin inda kake aiki ko inda ka bari. Sunayen abokan ciniki, farashin da ake sayo kaya, takardun cikin gida, duk ba su da wuri a nan. Wanda zai ɗauke ka yana kallon yadda za ka riƙe nasa sirrin gobe.

6. Idan akwai amsar da ta kwaɓe

Saƙon godiya yana ba da damar gyara amsa ɗaya, ɗaya tak, kuma sai in ta shafi ainihin aikin. In ka manta sunan wani sashe ko ka yi tuntuɓen harshe, ƙyale shi. Wataƙila ba wanda ya lura, tunatarwarka ce za ta sa a lura.

Idan kuwa shakka ce ta gaske, kamar tambayar akantan nan kan manhaja, to a taɓa ta, amma ba da ban-haƙuri ba. "Ku gafarce ni, na rikice, ban amsa da kyau ba" yana dawo da hoton rikicewar ne kawai. A faɗi gaskiyar lamarin, a haɗa da hujja, a wuce:

"Game da tambayarku kan manhajar da kuke amfani da ita: ban taɓa aiki da ita ba. Shekara huɗun da na ambata a wasiƙata na yi su ne da wata manhajar, inda nake shigar da kayan da aka karɓa, da waɗanda aka fitar, da daidaita lissafin ƙarshen wata tare da sashen kuɗi. Waɗannan matakan ne zan fara nema a taku."

Ka ga a nan ginshiƙi na farko, wanda bai da amfani a saƙon manaja, ya samu wurin zama. Wannan sakin layin a saƙon akanta zai shiga, ba na manaja ba, tunda shi ya yi tambayar.

Kada ka ce ka fara koyon abu alhali ba ka fara ba. In an kira ka zagaye na biyu, tambayar farko ke nan.

7. Idan mutum fiye da ɗaya ne

Kowa da nasa saƙon, in kana da adireshinsu. Godiya da rufewa za su iya zama iri ɗaya, amma tsakiyar ta bambanta, domin abokan aiki sukan tura wa juna irin waɗannan saƙonni ko a haɗa su a fayil ɗaya. Saƙo uku masu kalmomi iri ɗaya sun fi rashin saƙo muni. A misalinmu manaja ya samu batun ƙidaya, akanta ya samu batun manhaja, jami'ar ɗaukar ma'aikata kuma gajeren saƙo kan sabon sito da koyarwa. Idan kwamitin ya kai mutum biyar ko shida, saƙo ɗaya ga shugabansa ya isa, da roƙon ya isar da godiya ga sauran.

Hattara: wajen kwafo gaisuwa daga wannan saƙo zuwa wancan ne ake barin sunan wani a saƙon wani. Kuma ka duba kafin ka danna Reply all, kada gyaran amsar da ka yi wa mutum ɗaya ya tafi ga duk wanda ke Cc.

8. Abin da ba ya shiga, da dubawar ƙarshe

Maganar albashi, hutu da alawus ba ta shiga saƙon godiya, lokacinta sai an yi maka tayi. Haka roƙo da kukan hali, irin su "ku taimaka mini, na daɗe ba aiki". Ko gaskiya ne, yana kawar da hankali daga hujjar da ka gina. Kada ka lanƙaya takardun da ba a nema ba. Idan ka yi alkawarin aiko wani abu, kamar samfurin aiki ko sunayen waɗanda za su yi maka shaida, to wannan saƙon ne wurinsa: ka haɗa shi a matsayin PDF, ka sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, ka ambace shi cikin jimla ɗaya.

Ka bar gurbin adireshi fanko har sai ka gama rubutu, don kada yatsa ya zame saƙo ya tafi rabi. Karanta shi a bayyane sau ɗaya. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Gwada adadin da ke ciki da wasiƙar farko. Duba sunan mutum, sunan ma'aikata da sunan muƙamin kamar yadda yake a sanarwa. Tura wa kanka ka buɗe a waya ka ga yadda ya zauna, ka kuma tabbatar fayil ɗin ya buɗu. Adireshin da za ka tura da shi ya zama wanda ka nemi aikin da shi, ba na ofishin da kake aiki yanzu ba.

9. Bayan ka tura

Sau da yawa ba a amsa saƙon godiya, kuma shirun ba ya nufin komai. Wasu ma'aikatun ma suna hana ma'aikatansu amsawa kafin a yanke hukunci. Kada ka bi shi da "ko kun ga saƙona?" washegari.

Jira ranar da suka ce za su sanar ta wuce da kwana biyu ko uku na aiki, sannan ka aika layi uku a kan saƙon nan dai: kana tambayar inda aka kwana, kuma har yanzu kana son aikin. In ba su faɗi rana ba, ba su mako guda zuwa kwana goma. A wannan saƙon kada ka sake jero ginshiƙai, an riga an ji su sau biyu.

Ajiye kwafin saƙon tare da bayanan da ka rubuta a mataki na farko. Idan aka kira ka zagaye na biyu, duk abin da ka ce za ka yi ya zama abin tambaya. Mai neman aikin siton nan ta ce za ta fara da kayan da suka fi saurin fita, don haka ta shiga da shirin amsa yadda za ta gane su a makon farko: ta nemi bayanan fitar kaya na wata uku da suka wuce, ta jera su daga mafi yawan fita zuwa mafi ƙaranci, ta ɗauki 50 na sama su zama ƙidayar makon farko.